Garatuti a Dunƙule ko Fansho Wata-wata: Sharhi Kan Wasiƙar Wani Ma'aikaci Daga Yankin Kura da Bunkure

Wani ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a yankin noman rani na Kura da Bunkure ya rubuto wasiƙa yana neman shawara. Saura masa 'yan watanni ya cika shekara 60, lokacin da doka ta ce ya ajiye aiki. Yana da mata biyu, da 'ya'ya uku da ba su gama makaranta ba, da 'ya ɗaya da aka sa wa rana. Zuciyarsa ta rabu biyu. Abokansa manoma suna ce masa ya kwashe kuɗinsa a dunƙule ya kama gona a bakin kanal, tunda naira kullum raguwa take yi amma ƙasa ba ta ruɓewa. Uwargidansa kuma tana ganin gara abin da zai riƙa shigowa duk ƙarshen wata, komai ƙanƙantarsa. Tambayarsa ita ce wanne ya fi.

Wannan tambaya tana bakin malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya, da malaman gona da yawa a wannan yanki, domin kusan kowannensu yana da ƙafa ɗaya a ofis, ɗaya a gona. Amsar da zan kare a nan ita ce: fanshon wata shi ne zai riƙe cefane da magani, kuɗin dunƙule kuwa kada a ɗauki fiye da abin da gida zai iya jure asararsa. Amma kafin a kai ga lissafi, sai mutum ya san irin zaɓin da doka ta ba shi, domin da yawa suna auna abin da ba a ba su damar zaɓa ba.

Kowa ya fara sanin tsarin da yake ciki

A tsohon tsari, wanda Dokar Soja mai lamba 102 ta 1979 ta kafa, babu maganar zaɓi. Ma'aikaci yana samun duka biyun. Bisa jadawalin da aka yi aiki da shi a shekarun baya-bayan nan na tsarin, wanda ya yi shekara 10 yana samun garatuti daidai da albashinsa na shekara guda, da fansho kashi 30 cikin ɗari. Kowace shekara ta ƙaru, garatuti ya ƙaru da kashi 8, fansho da kashi 2, har mai shekara 35 ya tashi da garatutin albashin shekara uku da fansho kashi 80. Wannan shi ne hoton da yake zaune a kan yawancin dattawanmu, domin shi suka ga iyayen gidansu sun karɓa.

Ma'aikatan jihar Kano da na ƙananan hukumominta, har da malaman firamare na Kura da Bunkure da Garun Malam, suna ƙarƙashin dokar fansho da garatuti ta jiha ta 2006, wadda aka yi a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Dokar ta 2006 ta tanadi a cire wa ma'aikaci kashi 8, gwamnati ta sa kashi 17, kuɗin ya shiga asusu guda a hannun hukumar amintattun asusun fansho ta jiha. Su ma ba su da zaɓi tsakanin biyun: garatuti haƙƙinsu ne, fansho ma haƙƙinsu ne. Matsalarsu ita ce jira. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta bayyana cewa ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48, ta kuma fara biya kashi-kashi da naira biliyan 6 a ƙarshen 2023. Darasin ma'aikacin jiha ke nan: kada ya ci bashi, ko ya yi cinikin gona, ko ya sa ranar biki, bisa garatutin da bai shiga asusunsa ba. Mutane sun shekara da shekaru suna jiran nasu, bashin da suka ci a kansa kuwa bai jira su ba.

Mai wasiƙarmu yana tsari na uku, wato na tarayya mai asusun kai, wanda dokar gyaran fansho ta 2004 ta kawo, dokar 2014 ta maye gurbinta. A nan kowane ma'aikaci yana da asusunsa, RSA, a hannun kamfanin kula da fansho, PFA, ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom. Daga 2004 ana zuba kashi 7.5 daga ma'aikaci da 7.5 daga gwamnati, dokar 2014 ta ɗaga zuwa 8 da 10. Wanda ya fara aiki kafin Yulin 2004, kamar shi, yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda gwamnati take lissafawa ta zuba masa a asusun lokacin ritaya. Abin da ya kamata ya gane shi ne, kuɗin dunƙulen da ake magana a kai, wanda mutane ke kira garatuti, ba ƙari ba ne daga gwamnati. Daga cikin asusunsa ake yanko shi. Duk nairar da ya ɗauka a dunƙule, daga fanshonsa na wata ta fita.

Kuma ba zai iya kwashe asusun duka ba. Sashe na 7 na dokar 2014 ya yarda a ɗauki wani abu a dunƙule ne kawai idan ragowar za ta isa biyan fansho. Ƙa'idar da ake bi wajen lissafi ita ce a bar abin da zai ba mutum aƙalla rabin albashinsa na ƙarshe, abin da ya haura shi ne iyakar abin da zai iya ɗauka. Ana kwashe wa mutum asusunsa gaba ɗaya ne kawai idan kuɗin ya yi ƙanƙantar da ba zai haifar da fanshon kirki ba. Kashi 25 da ake yawan ambata a majalisa, dokar ta ambace shi ne ga wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba. Mai ritaya a shekara 60 adadinsa yana fitowa ne daga jadawalin PenCom, wanda ke duba abubuwa huɗu: kuɗin da ke asusu, shekarun haihuwa, namiji ne ko mace, da albashin ƙarshe. Saboda haka mutum biyu da suka yi ritaya rana ɗaya a ofis ɗaya suna iya tashi da adadi daban-daban, ba tare da an cuci kowa ba.

Lissafin mai wasiƙa

Bari mu yi aiki da adadi masu kama da nasa, a daidaita su don sauƙin lissafi. Mu ƙaddara albashin da ake lissafa masa fansho da shi naira 200,000 ne a wata, asusunsa kuma, haɗe da haƙƙin tsohon tsari, ya kai naira miliyan 18. Mu ƙaddara jadawalin ya nuna cewa idan bai taɓa ko sisi ba zai riƙa karɓar 150,000 a wata. Idan ya ɗauki miliyan 3, saura miliyan 15, fanshonsa ya koma 125,000. Idan ya ɗauki miliyan 6, wanda shi ne iyakarsa, saura miliyan 12, fansho ya tsaya a 100,000, rabin albashi ke nan. Kowace miliyan guda da ya ɗauka tana rage masa kusan naira 8,300 duk wata har ƙarshen rayuwarsa.

To a nan ne tambayar ta fito fili. Miliyan 6 a hannu farashinta 50,000 ne a wata, wato 600,000 a shekara. Duk abin da zai sa kuɗin a ciki dole ya dawo masa da 600,000 riba tsantsa kowace shekara, bayan an cire taki da ƙwadago da kuɗin ruwa, kafin a ce ya yi daidai da wanda bai taɓa asusunsa ba.

A wasiƙar ya zayyana yadda zai raba kuɗin. Kusan rabi zai tafi kan kayan ɗakin 'yarsa, da gyaran rufin gida, da biyan bashin da ya ci a ƙungiyar adashin ofis. Waɗannan buƙatu ne na gaskiya, ba wanda zai zarge shi a kansu, amma ba sa haihuwa. Abin da zai shiga gona miliyan 3 ne kacal. Ma'ana, miliyan 3 ce za ta ɗauki nauyin maye gurbin 600,000 ɗin nan, wato ribar kashi 20 cikin ɗari kowace shekara ba fashi. Wannan shi ne wurin da masu ritaya da yawa suke ruɗuwa: suna lissafa riba kan dukan kuɗin da suka karɓa, alhali rabinsa ya narke a wata uku na farko.

Yanzu mu shiga gonar. Yana son ya yi hayar hekta biyu ya noma shinkafa. Mu ɗauka kowace hekta za ta ci miliyan ɗaya da rabi a zango guda: haya, huɗa da kaftu, iri, dashe, taki, maganin ciyawa, kuɗin ruwa, korar tsuntsu, yanka da casa, buhu da dako. Idan Allah ya ba da sa'a ya sami buhu 55 na shanshera a kowace hekta, buhu 110 ke nan. A farashin 40,000 ya tashi da miliyan 4 da dubu 400, ribarsa miliyan 1 da dubu 400. Wannan shi ne lissafin da abokansa suke nuna masa, kuma ba ƙarya suka yi ba, ana samun irin wannan shekara. Amma idan farashi ya faɗo zuwa 28,000 a kaka, buhu 110 ɗin nan miliyan 3 da dubu 80 ne, ribar wata huɗu na wahala naira 80,000. Idan kuma aka haɗa faɗuwar farashi da ƙarancin ruwa ko ɓarnar tsuntsu, amfani ya sauko buhu 40 a hekta, abin da zai samu miliyan 2 da dubu 240 ne. Ya yi asarar 760,000 daga uwar kuɗi, kuma zango na gaba ba zai iya noma hekta biyun ba sai da bashi.

Irin wannan shekara ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ya mayar da Kadawa da Kura da Bunkure cibiyar shinkafa da alkama da tumatir da albasa, ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Arziƙin gaskiya ne, amma mai hawa da sauka. A 2016 tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir cikin 'yan kwanaki. Kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda aka buɗe a shekarar, ya sha rufewa da buɗewa, manoman da suka sa rai da shi suka koma neman mai saye a Kwanar Gafan, inda farashin kwando yake faɗuwa warwas idan kaya suka yi yawa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai ban ruwa da inji ya ga yadda kuɗin mai ya ninka ya sake ninkawa. Manomin da ya gaji sana'ar yana jure irin wannan domin yana da 'ya'ya masu aiki a gona, da dabbobin da zai sayar, da dillalin da ya san shi. Ma'aikacin da ya shigo a shekara 60, wanda komai sai ya biya ƙwadago, ba shi da waɗannan garkuwoyi.

Gaskiyar da ke wajen abokansa

Duk da haka, kada a yi wa abokansa rashin adalci. Tsoron da suke ji wa naira yana da tushe. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, kuma a kowane mataki tsadar kaya ce ta riga shi gudu. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ko da kashi 20 ne a shekara, fanshon 100,000 bayan shekara huɗu ba zai sayi fiye da abin da 48,000 take saya yau ba. Sashe na 173 da na 210 na tsarin mulkin 1999 sun ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma duk wanda ya zauna da tsofaffin 'yan fansho ya san tazarar da ke tsakanin rubutu da aiki. A jihar Kano akwai waɗanda suka daɗe suna karɓar 5,000 a wata kafin a ɗaga mafi ƙaranci zuwa 20,000.

Saboda haka wanda ya bar komai a asusu ya kwanta, shi ma yana cikin haɗari, sai dai nasa haɗarin a hankali yake cin sa. Abin da yake kare mutum daga tsadar kaya shi ne kadara ko amfanin gona da farashinsa ke tashi tare da kasuwa. Buhun shinkafa goma da aka ajiye don ci a gida ba ruwansu da faɗuwar naira. Wannan ne ya sa ba na ce masa kada ya taɓa komai. Gona tana maganin tsadar kaya, fansho yana maganin shekarar asara da tsufa da ciwo. Kowannensu yana rufe ƙofar da ɗayan ya bari a buɗe.

Zaɓi na biyu da wasiƙar ba ta ambata ba

Bayan an yanke adadin dunƙule, ragowar kuɗin tana da hanya biyu, kuma wannan zaɓin ya fi na farko wuyar gyarawa. A takardar da za a miƙa masa zai ga Programmed Withdrawal da Retiree Life Annuity.

A ta farko kuɗin yana nan a asusunsa a hannun PFA, ana juya shi, ana ciro masa wata-wata. Idan juyawar ta yi riba mai kyau, PenCom takan amince a yi ƙarin fansho, kamar yadda aka yi a 2017 da 2020. Idan ya rasu, abin da ya rage a asusun na magada ne. A ta biyu ana miƙa kuɗin ga kamfanin inshora, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyansa har ranar da rai ya yi halinsa, ko da ya kai shekara 95. Amma lamunin magada shekara 10 ne kawai: idan ya rasu a shekara ta shida, za a ba su na shekara huɗun da suka rage, idan kuwa ya rasu bayan shekara goma ba su da komai. Yawanci adadin wata a nan ba ya ƙaruwa. Mutum yana iya tashi daga ta farko ya koma inshora daga baya, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa.

Ga mai mata biyu da yara 'yan makaranta, ina ganin ya fara da ta farko, domin ƙofar ta biyu tana nan a buɗe, kuma maganar gado ba ƙarama ba ce a gidan da ke da ƙananan yara. Wakilan kamfanoni za su zo masa da adadin wata da ya ɗan ɗara, kada ya sa hannu a ranar da aka nuna masa takarda. Idan kuma zuciyarsa ba ta natsu da kuɗin ruwa ba, tun 2021 akwai asusun da ake juyawa ba tare da riba ta haram ba, mai suna Fund VI, kuma yana da ɓangaren masu ritaya. Sai ya nema a rubuce a mayar da shi can, domin ba a kai mutum sai ya buƙata.

Abin da zai yi kafin ranar

Abu na farko, ya zauna da iyalinsa su rubuta kuɗin da ba makawa sai an kashe duk wata: hatsi, cefane, magani, makaranta, wuta. Idan jimillar ta kai 120,000, to fanshon 100,000 ya bar gibi na 20,000 da za a riƙa yanka daga jarin gona, kuma jarin da ake ci daga jikinsa ba ya kai zango uku. A lissafinmu, wannan yana nufin kada ya wuce miliyan 3 ko uku da rabi. Ya nemi PFA ta buga masa adadin fansho a matakai uku, mafi ƙaranci da matsakaici da iyaka, ya tafi da takardar gida ya kwana a kanta.

Na biyu, ya gyara takardunsa tun yanzu. Ma'aikacin tarayya yana yin rajistar tantancewa da PenCom kafin shekarar ritayarsa, kuma bambancin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardar ɗaukar aiki da lambar NIN da asusun RSA yana iya tsayar da biya na watanni. Ya tattara takardar kama aiki, da na ƙarin girma, da takardun albashi na watannin ƙarshe, ya duba bayanin asusunsa ko akwai watannin da ba a zuba ba. Ya kuma tanadi abincin aƙalla wata shida, domin tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan sami tazara, musamman idan ana jiran gwamnati ta saki haƙƙin tsohon tsari. Wanda wannan tazara ta same shi hannu rabbana, bashi yake ci, dunƙulen kuma ya zo ya tarar da masu jiransa a ƙofa.

Na uku, idan zai shiga gona, ya fara da hekta ɗaya ta haya, kada ya saya a shekarar farko. Ya je da ƙafarsa lokacin bazara ya ga ko ruwa yana isa wurin, domin gonar da ke wutsiyar kanal ba ɗaya take da ta bakin babbar hanyar ruwa ba, musamman inda kacala da laka suka toshe magudana. Ya tambayi shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa ta wannan sashe ranakun da ake sakin ruwa da kuɗin da ake biya. Ko haya ce ko jingina, a rubuta, da shaidu, da sanin mai unguwa ko dagaci. Ya raba kuɗin noman gida biyu, ya ajiye na zango na biyu kada ya taɓa, domin shi ne zai tashe shi idan na farko ya faɗi.

Da wannan tsari zai tashi da fanshon 125,000 da ya rufe cefane da magani, da miliyan 3 a hannu. Miliyan ɗaya da rabi ta noma hekta guda, sauran ta rabu tsakanin ajiyar zango na biyu da abin da ya fi matsawa a hidimar gida. Kayan ɗaki za su ragu daga yadda aka so, rufin gida zai jira girbi. Idan shekara biyu suka wuce littafin gonarsa ya nuna riba, sai ya ƙara hekta daga ribar. Idan kuma ya nuna asara, ya rasa miliyan ɗaya ko biyu, amma tukunyar gidansa ba ta sauka ba, kuma yana da sauran shekaru na fansho a gabansa.